Gyara Bakinka: Yadda za ka rufe jawabi ka bar wa jama'a aiki guda ɗaya

Yau kan rufe jawabi za mu tsaya, wato rabin mintin nan na ƙarshe da yawancinku ba ku rubutawa, sai kun hau gaban taro ku fara lalube.

Bari in fara da abin da na gani da idona. A watan Satumba, makonni kaɗan da dawowa hutu, na je taron safe a wata makarantar jeka-ka-dawo da ke nan cikin garin Sakkwato. An ba wata ɗaliba 'yar aji biyu na babbar sakandare minti 5 ta yi magana kan zazzaɓin cizon sauro. Lokacin kuwa ya dace, domin daga tsakiyar damina zuwa watan Oktoba ne zazzaɓin ya fi kwantar da mutane a ƙasarmu. Duk wanda ya bi ta Mabera ko Gidan Igwai bayan an ɗauke ruwa ya san yadda ruwa ke kwanciya a lungu da kwata.

Yarinyar ta yi bincike, ba laifi. Ta bayyana cewa macen wani nau'in sauro ce ke ɗauke da ƙwayar cutar, kuma galibi da dare take cizo. Ta kawo bayanin Hukumar Lafiya ta Duniya cewa kusan mutum ɗaya cikin kowane huɗu da ke kamuwa da wannan zazzaɓi a duniya a Nijeriya yake. Ta ce yara 'yan ƙasa da shekara 5 su ne suka fi mutuwa. Har ta ba da labarin yadda ƙaninta ya kwana yana rawar ɗari. Fili ya yi tsit, kowa na saurare. Sai aka zo rufewa, ga abin da ta ce:

"A ƙarshe, ina kira ga gwamnati da masu hannu da shuni da su taimaka. Ya kamata mu riƙa tsabtace muhallinmu, mu riƙa kwana cikin gidan sauro, mu riƙa zuwa asibiti, mu daina shan magani barkatai, mu wayar da kan jama'a. Haka kuma sauro yana kawo wasu cututtukan ma. A ƙarshe dai, ku yi haƙuri idan na yi kuskure. Iya abin da ya sawwaƙa ke nan."

An tafa mata. Da aka watse sai na tare ɗalibai uku a bakin aji, na tambayi kowannensu shi kaɗai: "Me ta ce ku yi?" Na farko ya ce tsabta. Ta biyu ta ce gwamnati ta taimaka. Na uku ya yi murmushi ya ce, "Malam, ta dai yi magana kan sauro." Mutum uku, amsa uku, kuma babu wanda zai yi wani abu idan ya koma gida. Minti huɗu da rabi na aiki mai kyau ya zube a rabin minti.

Abin da ya karya rufewar

Mu duba ta a hankali, domin kurakuran da ke cikinta su ne nake ji kusan kowace makaranta.

Na farko, ta yi magana da waɗanda ba su wurin. Gwamna bai zo taron safe ba, attajirai ma ba su zo ba. Waɗanda ke tsaye a gabanta ɗalibai ne da malamai. Duk lokacin da ka miƙa aikin ga wanda ba ya wurin, ka sallami waɗanda ke wurin ke nan, ka gaya masu babu ruwansu.

Na biyu, ta jero ayyuka biyar. Kowannensu gaskiya ne, amma Hausawa sun ce taura biyu ba ta taunuwa, balle biyar. Mai karanta jarida yana iya komawa baya ya sake duba layin da ya wuce shi. Mai saurare ba ya da wannan dama, abin da ya wuce kunnensa ya wuce. Idan ka ba shi biyar, sai ya zaɓi wanda ya fi sauƙin mantawa.

Na uku, ta buɗe sabuwar magana a bakin ƙofa, wato zancen wasu cututtukan da sauro ke kawowa. Ba ta da lokacin bayyana shi, don haka ya bar mutane da tambaya a maimakon aiki.

Na huɗu, ta ce "a ƙarshe" sau biyu, sannan ta rufe da ban haƙuri. Da zarar ka ce "a ƙarshe", ka yi wa jama'a alkawari cewa saura kaɗan, su kuma sai su buɗe kunne. Idan ka ci gaba da zuba, a karo na biyu ba za su yarda da kai ba. Ban haƙurin kuma, ko da yake ladabi ne a wurinmu, ya zama shi ne abin da ya rage a kunnensu: cewa wataƙila ta yi kuskure.

Ginshiƙi na farko: maimaita saƙon

Bayan kwana biyu muka zauna da ita da malamar da ke kula da ƙungiyar muhawara, domin za ta sake gabatar da jawabin ga ƙananan azuzuwa. Na ce mata, "Rufe littafinki. Ki gaya mani abin da jawabinki ke cewa cikin jimla ɗaya, kamar kina gaya wa kakarki." Ta ce, "Malam, a kan zazzaɓin cizon sauro ne." Na ce wannan take ne, ba saƙo ba.

Ku riƙe wannan bambanci. Take yana faɗin abin da ake magana a kai. Saƙo yana faɗin abin da kai mai magana kake so a yarda da shi. "Zazzaɓin cizon sauro" take ne, ba wanda zai ce gaskiya ne ko ƙarya ne. Amma "sauro da dare yake cizo, kuma ƙananan yara ya fi kayarwa" saƙo ne, ana iya yarda da shi, ana iya neman hujjarsa. Idan ka kasa faɗin saƙonka cikin numfashi ɗaya, matsalar ba a rufewa take ba, jawabin ne kansa bai san inda ya dosa ba. Koma ka gyara shi tukuna.

Sai da ta gwada sau uku kafin ta kai ga wannan jimla. Daga nan sai tambayar da ɗalibai ke yawan yi mani: shin in maimaita abin da na faɗa a farko kalma da kalma? Amsata ita ce, riƙe manyan kalmomin, sauya sauran. A jawabinta manyan kalmomin uku ne: dare, ƙannenmu, gidan sauro. Su ta yi ta ambata tun daga farko, don haka su za su dawo a ƙarshe. Idan ka ce "gidan sauro" a cikin jawabi, kada ka zo ƙarshe ka ce "matakan kariya" don a ce ka iya Hausa. Mai saurare zai ɗauka wani sabon abu kake nufi.

Maimaita saƙo kuma ba sake karanta jawabin ba ne. Ba za ka dawo da alƙaluma da misalai ba, sun riga sun yi aikinsu. Jimla ɗaya ko biyu sun isa.

Ginshiƙi na biyu: zaɓen aiki guda

A nan ne aka fi shan wahala, domin zaɓe yana nufin ka bar abubuwa masu kyau a baya. Muka rubuta ayyukanta a allo, muka yi wa kowanne tambaya huɗu:

Wanda ke tsaye a gabana zai iya yin sa da kansa, ba sai da kuɗi ko izinin wani ba?
Zan iya faɗin lokacin da za a yi shi?
Zan iya faɗin wurin da za a yi shi?
Idan na tambaye shi gobe, zai iya cewa "na yi" ko "ban yi ba"?

"Mu wayar da kan jama'a" ya faɗi a tambaya ta huɗu. Ta yaya mutum zai san ya gama wayar da kai? Irin waɗannan kalmomi, su "mu dage", "mu tashi tsaye", "mu ba da gudummawa", daɗin ji gare su, amma babu hannun da ke motsawa a cikinsu. Ga gwaji mai sauƙi: idan ba za ka iya ɗaukar hoton mutum yana yin aikin ba, bai zama aiki ba tukuna.

"Mu tsabtace muhalli" ya fi shi, amma ya yi faɗi. Yashe kwatar unguwa aiki ne na gayya, yana buƙatar shebur da manya da yardar maƙwabta. Ɗan aji ɗaya ba zai yi shi yau ba.

"Mu riƙa zuwa asibiti" da "mu daina shan magani barkatai" shawara ce mai muhimmanci, domin ba kowane zazzaɓi ne na sauro ba, gwajin jini ne ke tabbatarwa. Sai dai ba ɗalibi ke yanke wannan hukunci a gida ba, iyaye ne. Kuma ba a yin sa sai wani ya kwanta, don haka ba ya da lokaci. Wannan kira zai dace da ranar taron iyaye da malamai.

Saura gidan sauro. "Mu riƙa kwana cikin gidan sauro" ya kusa, amma kalmar "riƙa" ta sa ya zama na kullum, abin kullum kuwa ba ya da ranar farawa. Sai muka matse shi ya koma aikin dare ɗaya: yau, bayan Isha'i, ka sauke wa ƙaramin gidanku gidan sauro, ka cusa bakinsa ƙarƙashin shimfiɗa. Ba ya cin ko sisi. Yana da lokaci, yana da wuri, ana iya tambaya gobe. Mafi muhimmanci, daga saƙon ya fito: tun da dare ake cizon, kuma ƙanana aka fi kayarwa, aikin ya zama na dare, kuma domin ƙanana.

Malamar ta kawo tambaya mai kyau: gidan da babu gidan sauro fa? Wannan gaskiya ne, kuma bai kamata a yi kamar ba a san da shi ba. Amma ba a rufewa ake warware shi ba. Muka ƙara jimla biyu a tsakiyar jawabin, inda ta ce wanda babu a gidansu ya sanar da iyayensa su tambaya a asibitin unguwa, domin akan raba shi kyauta lokaci-lokaci, musamman ga masu juna biyu da ƙananan yara. Da haka ƙarshen ya tsaya da murya ɗaya. Duk wani "idan kuma" da "sai dai" a gama da shi tun kafin a iso bakin ƙofa.

Rufewar da ta fito

Ga abin da ta rubuta bayan gyara:

"'Yan'uwana ɗalibai, sauron da ke kawo zazzaɓi da dare yake cizo, kuma ƙannenmu ƙanana ne ya fi kayarwa. Gidan sauron da ke ninke cikin akwati ba ya kare kowa. Saboda haka yau da dare, bayan sallar Isha'i, kowa ya je shimfiɗar ƙaraminsu, ya sauke gidan sauro, ya cusa bakinsa ƙarƙashin katifa ko tabarma ta kowane gefe. Kada ka kwanta sai ka yi."

Kalmomi 60 ne da 'yan kai, kusan daƙiƙa 30 idan an faɗe su a natse. A jawabin minti 5, wannan kashi ɗaya cikin goma ke nan, kuma shi ne ma'aunin da nake ba ɗalibaina. Idan rufewarka ta kai minti ɗaya da rabi a irin wannan jawabi, ka tabbata sabuwar magana ta shigo ciki.

Ku lura da tsarinta. Jimla ta farko saƙon ce. Ta biyu gada ce, tana nuna giɓin da ke tsakanin abin da aka sani da abin da ake yi. Ta uku aikin ne, da lokacinsa da wurinsa da yadda ake yin sa. Ta huɗu gajera ce, ta buga ƙusa. Ku lura kuma da yadda ta tashi daga "mu" ta koma "kowa", daga nan ta koma "ka". Idan aka ce "mu yi", kowa na jiran na kusa da shi. Idan aka ce "ka yi", babu wurin fakewa. Maganar cusa bakin gidan sauron ma ba ado ba ce: idan aka bar shi yana lilo, sauro ta ƙasa yake shiga.

To ina godiya da sallama? Ba na cewa a bar su, domin wanda ya sauka daga gaban manya ba sallama ya yi rashin ladabi. Abin da nake cewa shi ne, doguwar godiya ga shugaban makaranta da malamai a farkon jawabi ake yin ta. A ƙarshe, bayan jimlar aiki, ka yi shiru na daƙiƙa biyu, ka dubi jama'a, sannan ka ce "Na gode, wassalamu alaikum", ka sauka. Shirun nan ne ke ba maganar damar zama a zuciya. Kuma wannan sashe haddace shi ake yi, ba a karanta shi. Wanda ke ba da umarni idonsa na kan takarda, takardar yake umarta.

Ba sabon abu ba ne a wurinmu

Wannan tsari kun saba jin sa, ba ku dai lura ba ne. Ku saurari mai shela idan yana zagaya unguwa, ko sanarwar ɗaurin aure a Rima Rediyo. Bayan an gama bayani, abin da ake nanatawa shi ne rana da lokaci da wuri, domin shi ake so mutum ya riƙe. Waɗanda ke karatun sira kuma sun san cewa a Hajjin Bankwana, shekara ta 10 bayan Hijira, bayan Manzon Allah (SAW) ya yi wa jama'a huɗuba mai ɗauke da manyan hukunce-hukunce, ya umarci wanda ya halarta ya isar wa wanda bai halarta ba. Aiki ne guda, kuma kowa a wurin yana iya yin sa.

A nan Sakkwato ma, Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wadda ta rasu a 1864, ba ta bar karatunta ya tsaya a kunnen masu saurare ba. Ta naɗa jajoji, ta ba kowace malfa, su kuma suka riƙa ɗaukar karatun zuwa ga matan ƙauyuka, tsarin da aka sani da 'Yan Taru. Wadda ta zo ta ji, da aiki a hannu take komawa.

Inda za a yi hattara

Aikin yana sauyawa idan masu sauraro suka sauya, ko da saƙon bai sauya ba. Da a makarantar kwana aka yi wannan jawabi, "ƙaramin gidanku" ba ya nan, sai a ce kowa ya duba gidan sauron ƙaramin ɗalibin da ke ɗakinsu. Da a watan Afrilu ne, lokacin da zafin Sakkwato ke haura digiri 40 mutane na kwana a tsakar gida, tilas aikin ya faɗi yadda za a ɗaura gidan sauron a waje, in ba haka ba ya zama maganar da ba ta dace da rayuwar mutane ba.

A gasar muhawara kuma, aikin da kake nema daga alƙalai da masu sauraro shi ne su amince da ɓangarenka ko su yi watsi da ƙudurin. Kada ka tura su gida yin wani abu. Ka maimaita hujjarka mafi ƙarfi, ka roƙi hukunci. Sannan akwai jawabin da bai son umarni mai nauyi, kamar na bankwana da malamin da aka yi wa sauyin wurin aiki. A nan aikin na iya zama ƙarami, misali a miƙe a yi masa addu'a. Shi ma aiki ne guda.

Ta yaya za ka san rufewarka ta yi? Ba da tafi ake ganewa ba, domin ta farkon ma an tafa mata. Kafin ranar, karanta wa mutum uku ita, kowa shi kaɗai, ka bar su minti 10 su yi wata harka, sannan ka tambaye su, "Me na ce a yi?" Idan amsarsu ta zo ɗaya, ka gama. Idan ta bambanta, ko dai ayyukan sun fi ɗaya, ko kalmar aikin ta yi duhu. Haka na yi ranar da yarinyar nan ta sake jawabinta. Na tare 'yan aji ɗaya guda uku, dukansu suka ce a sauke gidan sauro a cusa bakinsa. Ɗaya har ya ƙara da cewa, "Bayan Isha'i, Malam." Ko duka sun aikata, wannan sai iyayensu. Amma sun bar filin sun san abin da aka nema daga gare su.

Rufewa ke nan: saƙo ɗaya da aka dawo da shi, da aiki ɗaya da mai saurare zai iya yi. Saboda haka kafin a tashi makaranta ranar Litinin, ɗauko jawabi ko insha'i na ƙarshe da ka rubuta, ka soke sakin layinsa na ƙarshe, ka sake rubuta shi cikin jimla huɗu, ka karanta wa abokanka uku, ka tambaye su me ka ce a yi.

Sai mun haɗu mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu.